Yadda za ka kawar da ruwan sama daga gindin gininka: fara awo daga mafita

Gida mai katanga kamar daro yake. Ruwan da ya sauka a rufi da na tsakar gida duk a ciki yake taruwa, kuma ta rami ɗaya ko biyu kawai zai iya fita. Idan ramin nan ya fi tsakar gida tudu, ko ya yi ƙanƙanta, ruwan zai kwanta a jikin bango ya nutse ƙarƙashin fandisho. A Kano abin ya fi tsanani saboda ruwan shekara ba a rarrabe yake zuwa ba, mafi yawansa a Yuli da Agusta yake sauka, wani lokaci kamar da bakin ƙwarya cikin awa guda. Ga shi kuma kududdufan da a da suke shanye ruwan unguwanni an cike da yawansu an yi gini a kai, titi kuwa duk sanda aka gyara shi sai ya ƙara tashi sama ya bar gidajen gefensa a ƙasa.

Ruwan da ke kwanciya a gindin bango ɓarna iri biyu yake yi. Ta farko, yana tausasa ƙasar da fandisho ke zaune a kanta, ko ya kwashe lallausan cikinta kaɗan-kaɗan, sai wani ɓangare na ginin ya zauna fiye da wani. Alamarsa tsaga ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, da ƙofar da ta fara cijewa, da daɓen da ke amsa amo idan an ƙwanƙwasa. Ta biyu, bulo yana tsotsar danshi zuwa sama, sai ka ga fenti yana kumbura, filasta tana zuba, ga farin gishiri ya fito a ƙasan bango har zuwa wajen gwiwa ko ƙugu. Mutane kan sake filasta ko su manna tayil a wurin. Wannan rufe ciwo ne kawai, danshin zai haura ya ɓullo a saman tayil ɗin.

Nawa ne ruwan?

Kafin a sayi komai, a san girman abin da ake fama da shi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ruwan sama milimita 1 a kan fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1 lita 1 ne. Mu ɗauki gidan da za mu yi aiki da shi har ƙarshen wannan bayani: fuloti ƙafa 50 da 75, wato kusan mita 15 da 23, da gini mai rufin kwano mita 12 da 10. Rufin nan murabba'in mita 120 ne. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, rufin kaɗai zai zubo da lita 6,000, duro 30 ke nan na lita 200. Fulotin gaba ɗaya, in an daɓe shi da siminti, zai tara fiye da lita 17,000. Duro 30 ɗin nan na rufi, idan babu abin da ya tare su, a kan ɗan siririn layi suke zuba, taku ɗaya daga bango.

Mataki na farko: nemo mafita ka auna ta

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Birkila yakan fara daɓe daga bakin ɗaki yana gangarawa da ido, sai ya iso bakin ƙofar gida ya tarar kwatar titi ta fi shi tudu. Daidai shi ne a fara daga inda ruwa zai fita, a dawo da baya zuwa bango.

Kayan awon ba su da tsada: siririn tiyo mai haske wanda ake ganin ruwa a cikinsa, tsawon mita 15 zuwa 20, da tef, da alli ko fensir, da igiya, da 'yan turaku. A cika tiyon da ruwa, a tabbata babu kumfar iska a ciki, domin kumfa ɗaya tana iya ɓata awon da santimita biyu ko uku. Ruwan da ke bakunan tiyo biyu kullum a tsayi ɗaya yake tsayawa, shi ne sirrin abin. Sai ka auna mita 1 daidai daga daɓen ɗaki zuwa sama, ka ja layi a jikin bango. Mutum ɗaya ya riƙe bakin tiyo yadda saman ruwan da ke ciki zai tsaya a kan layin nan, ɗayan ya zagaya da ɗaya bakin yana yin alama daidai saman ruwan a kusurwoyin gini, da jikin katanga, da wajen ƙofar gida kusa da kwata. Yanzu kana da layi guda shimfiɗaɗɗe da ya zagaye gidan. Duk awon da za a yi, daga wannan layi za a sauke tef zuwa ƙasa. Lamba babba tana nufin wurin kwari ne, ƙarama tana nufin tudu.

A gidanmu na misali, an sauke tef zuwa gindin kwatar titi an sami santimita 170. Kada wannan lamba ta ruɗe ka. Gindin kwata ba shi ne abin dubawa ba, inda ruwa ke kaiwa idan ta cika shi ne. Duba jikin kwatar, za ka ga shatin laka da datti da ruwan bara ya bari, in kuma babu, tambayi maƙwabcin da ya daɗe a layin. A nan shatin yana kan 150. Idan ka buɗe mafitarka a ƙasa da wannan shati, ranar da aka yi babban ruwa kwata ce za ta shigo maka gida da duk abin da ta ɗebo. Don haka sai a sa gindin mafita a kan 145, santimita 5 sama da shatin.

Daɓen ɗaki yana kan 100, mafita tana kan 145. Santimita 45 ke nan a hannunka, kuma da su za ka biya duk buƙatun gangara. Ba za ka iya ƙirƙiro ƙari ba sai dai ka ɗaga gida, saboda haka a raba su da lissafi.

Mataki na biyu: raba santimita 45 ɗin

Buƙata ta farko ita ce tazara tsakanin daɓen ɗaki da ƙasar waje. Aƙalla santimita 15 ake so, domin ruwan da ya bugi ƙasa yana fallatsa sama, kuma ledar hana danshi da ake shimfiɗawa a kan fandisho dole ta kasance sama da ƙasar waje, in ba haka ba danshi ya tsallake ta. Saboda haka saman daɓen waje a jikin bango zai zauna a kan 115.

Buƙata ta biyu ita ce gangarar daɓen gindin bango. Za a zagaye ginin da daɓen kankare mai faɗin mita 1, yana gangarawa waje da santimita 2. Bakinsa na waje zai faɗa kan 117.

Buƙata ta uku ita ce magudana, wadda za ta bi bakin daɓen nan ta kwashe ruwan zuwa mafita. Magudanar siminti tana son gangarar santimita 1 a kowace mita, domin ruwa ya yi gudun da zai tafi da yashi da ƙura. Daga kusurwar baya mafi nisa zuwa mafita mita 20 ne a gidanmu, santimita 20 ke nan. To 145 a cire 20, gindin magudana a can farkonta zai kasance a kan 125.

Duba abin da ya fito. A farkon magudana zurfinta santimita 8 ne kawai, daga 117 zuwa 125, amma a bakin mafita ta kai santimita 28. Haka ya kamata ta kasance: bakinta a shimfiɗe, cikinta yana ƙara zurfi. Magudanar da zurfinta ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe a fili shimfiɗaɗɗe ba magudana ba ce, wurin kiwon sauro ne. Ka kafa turke a kowace mita 5, ka rubuta lambarsa a jikin katanga inda ma'aikata za su gani: 125, 130, 135, 140, 145. Ka ja igiya tsakanin turakun, da ita za a bi wajen haƙa da wajen zuba kankare.

Sauran tsakar gida shi ma ya gangaro zuwa magudana. In daɓe ne ko intalok, santimita 2 a kowace mita ta isa. In ƙasa ce zalla sai an ƙara, domin ƙasa tana riƙe ruwa kuma tana lotsawa: wajen santimita 5 a kowace mita, wato santimita 15 a cikin mita 3 na farko daga bango.

Idan lissafi ya ƙi fita

A unguwanni da yawa za ka auna ka tarar shatin ruwan kwata ya yi daidai da tsakar gida, ko ma ya fi shi. Gara a san haka da alli a hannu kafin a sayi buhun siminti ko ɗaya. In ginin sabo ne, maganin a fili yake: a ƙara layin bulo ɗaya ko biyu a fandisho kafin a zuba daɓen farko, kuma a yi la'akari da cewa titin da ba a sa wa kwalta ba tukuna zai tashi ranar da aka zo yinsa. Ni dai a ganina wannan ƙarin bulo ya fi duk wani ado da za a yi wa gaban gida daraja.

In tsohon gida ne, a fara duba ko akwai wata mafita ta baya ko ta gefe da ta fi kwari, da yardar wanda ruwan zai bi ta wajensa. In babu, a rage ruwan da ke sauka ƙasa ta hanyar tara na rufi a tanki, a gina dokin ƙofa mai tsayi don hana na titi shigowa, sannan a haƙa ramin shanye ruwa a cika shi da manyan duwatsu. Ramin ya yi nisa da gini aƙalla mita 5, ya kuma nisanci rijiya da masai. Kafin a dogara da shi a gwada ƙasar: a haƙa ɗan rami har zurfin da ake nufi, a cika da ruwa sau biyu ko uku. Idan ruwan ƙarshe ya kwana bai shanye ba, ƙasar laka ce ko ruwan ƙasa yana kusa, ramin ba zai yi amfani ba a watan Agusta. A irin wannan hali sai ɗaga tsakar gida da daɓen ɗakuna tare, ko ƙaramin rami mai injin tura ruwa. Abin da ba a yi ko kusa shi ne juya ruwan sama cikin sokawe na bandaki. Zai cika cikin ruwa ɗaya ko biyu, ya dawo da ƙazanta ta bututu.

Mataki na uku: ciko da daɓen gindin bango

Ramin da aka haƙa don fandisho, aka mayar masa da ƙasa bayan an gama, shi ne wuri mafi rauni a duk fulotin. Ƙasar wurin sakwa-sakwa take, ruwa ya fi son bi ta nan, kuma takan lotsa bayan damina ɗaya ko biyu har gangarar ta juyo zuwa bango. Kafin a zuba kankare a kai, a cire duk shara da baraguzan bulo da aka tura ciki, a cika da jar marmara. Ba a zuba ta gaba ɗaya. A zuba kaurin santimita 15, a yayyafa ruwa ta yi laima ba caɓi ba, a daddaɓe sosai, sannan a ƙara wani. Idan ka dunƙula marmarar a hannu ta riƙe siffarta ba ta jiƙa maka tafin hannu ba, ruwanta ya yi daidai.

Kankaren ya yi kaurin santimita 8 zuwa 10, a kwaɓa siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. A yanka shi gaɓa-gaɓa a kowace mita 2, domin zafin Kano zai tsaga shi ko ana so ko ba a so, gara ya tsage a inda aka tsara masa. A riƙa shayar da shi ruwa har mako guda, musamman in da bazara ko hunturu aka yi aikin, lokacin da iska ke busar da siminti kafin ya yi ƙarfi.

Wurin da za a sa wa ido shi ne mahaɗar daɓe da bango. Nan ne siririyar tsaga ke buɗewa, kuma ruwan da ke bin jikin bango kai tsaye yake shigewa ta cikinta zuwa fandisho, alhali daga sama komai lafiya ake gani. A bar ɗan tsagi mai faɗin yatsa a wurin, a cika shi da kwalta ko wani abin toshewa mai laushi da ba ya karyewa idan gini ya motsa. Kwaɓin siminti zalla fashewa yake yi. Haka kuma shukar fulawa a jikin bango, wadda ake ba ruwa safe da yamma, damina ce ta shekara gaba ɗaya ga fandisho. A matsar da ita.

Mataki na huɗu: ruwan rufi

Daɓe mai kyau zai iya ɗaukar ruwan da ke zuba daga bakin kwano, amma fallatsin zai ci gaba da jiƙa ƙasan bango. Shi ya sa ake sa makwarari a bakin kwano. Ga rufi irin namu mai gangare biyu, kowane gefe murabba'in mita 60 yake ɗauka. Makwarari mai faɗin inci 6 da bututun saukarwa na inci 4 a kowane gefe sun wadatar, in kuma na inci 3 ake da shi, a sa biyu, ɗaya a kowane ƙarshe. Gangararsa kaɗan ce, kamar santimita 1 a kowace mita 2 zuwa 3, wato santimita 4 zuwa 6 a tsawon mita 12. A kafa maƙalai kusa-kusa, tazararsu kada ta wuce santimita 60 zuwa 90, domin makwarari cike da ruwa da ƙurar hunturu yana da nauyi, in ya lanƙwashe a tsakiya nan zai riƙa zubarwa. Bakin kwano ya leƙa cikinsa, kuma leɓensa na waje ya ɗan fi na jikin gini ƙasa, don in ya cika ya tumbatsa waje.

Ƙarshen bututun shi ne abin da ake mantawa. Bututun da ya tsaya a gindin bango ya fi rashinsa illa, domin ya tattara ruwan rabin rufi ya zuba a kusurwa ɗaya. Dole a sa masa gwiwa ya kai har cikin magudana, yana fuskantar inda ruwa ke tafiya. In tanki aka sa, bututun ambaliyarsa ya kai girman na shigarsa, shi ma ya ƙare a magudana.

Gidajen da ake yayi yanzu masu ɓoyayyen rufi, inda katanga ke kewaye kwano, suna buƙatar ƙarin kula. Makwararinsu a cikin gini yake, leda ɗaya in ta toshe bakin bututu ruwa zai hau ya shiga silin. A huda ramin ambaliya ta cikin katangar, ɗan sama da bakin bututun, wanda zai zubar waje inda za a gani a san an sami toshewa.

Gidan ƙasa mai soro kuwa, indararo shi ne ransa. Ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da bango, a kuma shimfiɗa dutse ko ɗan daɓe a inda ruwan ke faɗowa, in ba haka ba zai haƙa rami ya riƙa cin gindin ginin. A duba yaɓen da ke kewaye da wuyan indararo kowace shekara, nan ne yoyo ke farawa har ya kai ga azara. A lungunan cikin gari, inda tsakanin gida da gida bai wuce taku biyu ba, a tabbata indararon bai zuba a bangon maƙwabci ba. Zama ɗaya da shi kafin aiki, a yi shawarar magudana ɗaya a tsakiyar lungu, ya fi zuwa gaban mai unguwa bayan bango ya faɗi.

Mataki na biyar: magudana da bakin fita

Faɗin santimita 20 ya ishi gida irin namu. A zuba kankare a gindi, a gina gefe da bulo cikakke ko kankare, a shafe ciki sumul, a kuma zagaye kusurwoyin gindin don kada yashi ya maƙale. Inda za ta karya kwana a lanƙwasa ta a hankali. Inda ake takawa ko mota ke bi a rufe da murfin da za a iya ɗagawa. Ban goyi bayan binne dogon bututu a ƙarƙashin daɓe ba matuƙar akwai halin yin buɗaɗɗiyar magudana, domin abin da ido ke gani tsintsiya tana isa gare shi.

Kafin ruwa ya fita ta katanga, a yi ɗan akwati mai faɗin santimita 40 kowane gefe, gindinsa ya fi bakin mafita zurfi da santimita 15 zuwa 20. Yashi zai zauna a nan maimakon ya cika kwatar unguwa. Ita kanta rariyar kada a yi mata rowa. Bututun inci 4 ya yi kaɗan ga fuloti dukansa in an daɓe shi, a sa na inci 6 ko na inci 4 guda biyu. A sa raga ta ƙarfe a gabanta saboda leda da ɓeraye, amma mai manyan idanu, don ƙaramar raga da ganye uku take toshewa. In aikin zai taɓa kwatar titi ko ya kai ga sa kwalbati a ƙofar gida, a nemi izinin hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, kuma kada a rage faɗin kwatar ko a rufe ta ruf ba wurin yasa.

Gwaji

Kada a sallami ma'aikata sai an gwada. A juye duro guda na ruwa a farkon magudana a bi shi da ido har ya fita. A watsa bokiti a kan daɓe a kowane gefen gini, a ga ko akwai inda ruwa ya juyo bango. Bayan minti 15 a zagaya da alli a kewaye duk inda ruwa ya kwanta, a gyara. A hau sama a zuba bokiti a ƙarshen makwarari mafi nisa daga bututu.

Gwaji na gaskiya shi ne babban ruwan farko. Ka fita da lema yana tsakiyar zuba, ka duba ko makwarari yana tumbatsa, ko ruwa yana taruwa a bakin rariya, ko na kwata yana neman shigowa. In yana taruwa a bakin rariya alhali kwata ba ta cika ba, ramin ne ya yi ƙanƙanta ko raga ta toshe. In kwata ce ta cika har ta rufe bakin, matsalar tana gaba a layin, sai an haɗu da maƙwabta an yashe ta har inda take zubawa.

Tsagar da ke jikin bango tun kafin aikin kuma, a shafa mata ɗan siminti a gicciye a wuri biyu ko uku, a rubuta kwanan wata a gefe. In damina ta wuce shafin bai fashe ba, ginin ya daina motsi, ana iya cike tsagar a yi fenti. In ya fashe, ko tsagar ta kai faɗin da fensir zai shiga, a kira injiniyan gini ya duba fandishon, domin kawar da ruwa yana tsayar da ɓarna ne, ba ya ɗaga abin da ya riga ya zauna. Bangon da ya sha danshi shi ma a bar shi ya bushe tsawon rani kafin a sake masa filasta. Sannan a watan Afrilu, kafin ruwan farko, a kwashe ƙurar hunturu daga makwarari da akwatin yashi, a sake cike mahaɗar daɓe da bango duk inda ta buɗe, a kuma maimaita sharar a tsakiyar Yuli kafin ruwan Agusta ya kankama.